Maigidana na shan haɗi da maganin gora, ga fuskarsa ta fara cika

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Jos, 'ya'yanmu uku. Maigidana direba ne, yana lodi a tashar Bauchi Road. Wata huɗu ke nan yana shan wani maganin gargajiya na ciwon baya da basir, wanda Hajiyarsa ke sayo masa a gorar ruwa, babu rubutu ko ɗaya a jiki. Yana gudawa idan ya sha, Hajiya ta ce dattin ciki ne ke fita. Safe da yamma kuma yana sayen haɗi wajen mai tire a tasha. Da sanyin nan ya shigo mura ta kama shi, sati uku yana shan ƙwayar mura biyu-biyu sau uku a rana, in kai ya dame shi ya ƙara farasitamol biyu. Yanzu fuskarsa ta cika, ƙafarsa na kumbura da yamma, fitsarinsa na kumfa. Hajiya ta ce lafiya ce ta zo. Jiya na tarar ta ba ɗana ɗan shekara uku cokali ɗaya daga gorar saboda tari. Na yi magana, maigida ya ce na raina mahaifiyarsa. Yaya zan yi?

'Yar uwarku daga Jos

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya saka miki da alheri bisa wannan lura da kika yi. Tsoron da kike ji yana kan hanya, kuma ina so maigida ya ga likita gobe, kada a kai sati mai zuwa. Bari in nuna miki dalili, domin idan kin fahimci abin da kanki za ki fi iya shawo kansa.

Mu fara da lissafin da za ki iya yi a gida. Yawancin ƙwayoyin mura da ake sayarwa a tasha da kemis suna ɗauke da farasitamol a ciki, galibi miligiram 500 a kowace ƙwaya, tare da wani sinadari mai busar da hanci da wani mai sa barci. Mutane da yawa ba su san haka ba, sai su ɗauka maganin mura daban, maganin ciwon kai daban. Iyakar abin da babban mutum mai lafiya zai sha na farasitamol a awa 24 shi ne miligiram 4,000, wato ƙwaya takwas, kuma a rarrabe. Ƙwayar mura shida ta ba maigida 3,000. Farasitamol biyu na ciwon kai sun kai shi 4,000 cif. Kin ga ya cika iyakar tun ba mu buɗe ƙullin haɗin ba, alhali da wuya a yi haɗi babu farasitamol a ciki. Idan kowane ƙulli na da biyu, safe da yamma, ya tashi 6,000 a rana ɗaya. Hanta ce ke sarrafa wannan magani. A ƙa'idar sha, ɗan gubar da ke fita daga cikinsa hanta na kashe ta ba tare da wahala ba. Idan aka wuce ƙa'ida rana bayan rana, abin da hanta ke kashe gubar da shi sai ya ƙare, gubar ta koma cin hantar kanta. Wanda ba ya cin abinci sosai, ko yake ɗauke da cutar hanta nau'in B bai sani ba, yana iya samun illa tun bai kai wannan adadi ba, kuma masu ɗauke da wannan cuta a ƙasarmu suna da yawa.

Abin da ke ba ni tsoro da lahanin farasitamol shi ne yadda yake zuwa shiru. Mutum na iya yin kwana ɗaya ko biyu babu abin da yake ji sai tashin zuciya da kasala, har ya ce murar ce, ya ƙara wata ƙwayar. Sai daga baya ciwo ya bayyana ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu. A asibiti akwai maganin da ke kare hanta daga wannan guba, amma ya fi aiki idan an ba da shi da wuri, shi ya sa ba a jiran rawayar ido.

Sai haɗin. Ki karɓi ƙulli ɗaya ki buɗe a tafin hannunki: ƙwaya huɗu ko biyar, fara da ja da ruwan ɗorawa, an ɓare su daga katinsu, babu suna, babu ranar lalacewa, sun kuma yini a rana kan tire. Abin da aka saba zubawa a ciki shi ne masu kashe ciwo irin su diklofenak ko aibufurofen ko firoksikam, wani lokaci biyu a ƙulli ɗaya alhali aikinsu iri guda ne. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Mai lafiyar da ke shan ruwa sosai, in ya sha na kwana biyu ko uku, ƙodarsa na jurewa. Amma ki dubi halin maigida. Direba ne, yana ƙin shan ruwa don kada fitsari ya riƙa tsayar da shi a hanya, ga sanyin Jos da ke hana mutum jin ƙishirwa. Ga gudawar da maganin gora ke sa shi, wadda ruwan jikinsa ne da gishirinsa ke fita, babu wani datti na musamman. Jiki ya bushe, jinin da ke isa ƙoda ya ragu, sannan safe da yamma ana ƙara abin da ke matse hanyar. Haka ƙodar mutane da dama ke lalacewa. Ƙwayar murar ma ta sa hannu, domin sinadarin da ke busar da hanci yana ɗaga hawan jini, hawan jini kuwa na cikin manyan abubuwan da ke cinye ƙoda. Mai sa barcin da ke cikinta kuma, ga wanda ke riƙe da sitiyari da rayukan fasinja, wani hatsarin ne daban.

Kumfar fitsari da ba ta bajewa bayan ɗan lokaci tana iya nufin ƙoda na zubar da furotin ɗin da ya kamata ta riƙe a jini. Kumburin ƙafa na iya nufin jiki na tara ruwa. Ba na yanke hukuncin cewa ƙodarsa ta lalace, domin zuciya da hanta ma suna kawo kumburi, kuma gwaji ne kaɗai zai raba gardama. Sai dai ki sani ƙoda tana iya rasa kaso mai yawa na aikinta mutum bai ji ciwo ko kaɗan ba. Idan an gano da wuri aka daina abin da ke cutar da ita, sau da yawa tana farfaɗowa. Idan aka bari ta mutu, sai wankin ƙoda sau biyu ko uku a sati, abin da ke karya tattalin gida komai ƙarfinsa.

Cikar fuskar nan kuwa, ina so ki kula da ita sosai, don ita ce ta sa ba zan ce miki ki je ki zubar da komai a kwata ki huta ba. Akwai magani mai suna deksametazon, da ɗan uwansa firednisolon, masu arha ƙwarai. Suna kwantar da ciwon gaɓoɓi da na baya nan da nan, suna buɗe ciki, mutum ya ji ƙarfi ya dawo. Saboda haka wasu masu haɗi ke jefa su a ƙulli, wasu marasa tsoron Allah kuma ke niƙa su su zuba a maganin gargajiya don a ce maganinsu na ci. Wanda ya daɗe yana sha, fuskarsa kan yi zagaye, tumbi ya fito, hannu da ƙafa su sirance, sukari da hawan jini su hau, ciwo ya riƙa daɗewa bai warke ba. Dangi su ga ya yi ƙiba su ce lafiya ta samu. Matsalar ita ce, jikin ɗan Adam yana yin irin wannan sinadari da kansa, kuma idan aka yi sama da sati uku ana ba shi daga waje, sai ya rage yin nasa. In aka yanke lokaci ɗaya, mutum na iya faɗuwa da matsananciyar kasala, amai, jiri, jini ya sauka, har ta kai ga rasa rai. Likita ne ke rage shi sannu a hankali. Kumburin da ciwon ƙoda ke kawowa ma yana cika fuska, musamman gefen ido da safe, don haka ki lura ki gaya wa likita ko cikar tana saɓewa da rana ko tana nan yadda take.

To ga yadda nake ganin za a yi. Ƙwayar mura da ƙarin farasitamol, ya ajiye su daga daren yau, babu illa a daina su. Haɗi da maganin gora kuma, ranar da ya daina ta zama ranar da zai tsaya gaban likita, kada a bar kwanaki a tsakani. Ki zuba komai a leda guda: gorar da ragowar abin da ke cikinta, ƙullin haɗi ɗaya da ba a taɓa ba, da katin ƙwayar murar. Ki rubuta a takarda yaushe ya fara kowanne da yawan da yake sha a rana, domin maza kan rage lissafi idan likita ya tambaya, kunya ke sa su. Ku je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko Jankwano, wanda ya fi muku sauƙi. Za a auna hawan jini da sukari, a duba fitsari, sannan a ɗebi jini. A takardar gwaji za ki ga an rubuta E/U/Cr, wannan na ƙoda ne, LFT na hanta, HBsAg kuma na cutar hanta nau'in B. Idan kuɗi bai kai a yi duka rana ɗaya ba, ku gaya wa likita gaskiya ya zaɓa muku na farko. Gwajin fitsari da awon jini da na sukari ba su da tsada, kuma suna nuna abubuwa da yawa. Ku ambaci murar ma. Mura ta gaskiya kan wuce cikin sati ɗaya zuwa kwana goma, wadda ta kai sati uku tana iya zama ƙurar hunturu ce ke tayar masa da hanci. In akwai tari da ya wuce sati biyu, a gwada majinarsa saboda tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Akwai alamun da in kin gan su ba za ki jira gari ya waye ba: idonsa ya yi rawaya, fitsari ya ragu ƙwarai ko ya tsaya, amai ya ƙi tsayawa ko ya zo da jini, bayan gida ya yi baƙi ƙirin, numfashi ya yi masa wuya in ya kwanta, ko ya fara rikicewa da barcin da ba a saba gani ba. Ko ƙarfe biyun dare ne, ku nufi sashen gaggawa.

Maganar yaro kuwa, a nan ba na neman sulhu da kowa, kada a sake ba shi. Cokali ɗaya da ya sha jiya, mai yiwuwa ba zai yi masa komai ba, amma ki sa masa ido kwana biyu zuwa uku: yana fitsari kamar kullum, yana cin abinci, yana wasa? In ya fara amai ko gudawa, ko barci ya yi masa yawa, ko fitsari ya ragu, ki ɗauke shi da gorar ku tafi. Garin nan namu ya taɓa ɗanɗana wannan baƙin ciki. A shekarar 1990 yara 47 suka rasu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba, dayetilin gilaikol, wanda ke kashe ƙoda. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 irin wannan guba a cikin maganin haƙorin jarirai na My Pikin ta hallaka yara 84 a Najeriya, a 2022 kuma yara kusan 70 suka mutu a Gambiya ta dalilin ruwan maganin tari da mura. Gubar tana da zaƙi, ido ba ya ganinta, iyayen yaran nan da hannunsu suka ba su cikin ƙauna. Abin da ya sa aka iya gano na 2008 da na Gambiya aka janye su daga kasuwa shi ne suna da suna da lamba a jikin kwalba. Gorar da babu rubutu, in ta yi ɓarna, ba mai iya bin sawunta ya ceci yaro na gaba. Tarin mura ga ɗan shekara uku, ki ba shi ruwan ɗumi da yawa da ƙaramin cokali na zuma kafin barci, ki rufe masa ƙirji da ƙafa. Jaririn da bai shekara ba ba a ba shi zuma. Ruwan maganin mura na kanti ma ba a son ba yaro ƙasa da shekara shida sai da umarnin likita. In numfashinsa ya yi sauri, ko haƙarƙari na shiga ciki in ya ja iska, ko zazzaɓi ya zo, asibiti za ki kai shi.

Yanzu mu zo kan Hajiya, wadda na san ita ce ta fi tsaya miki a rai. Ki sa kanki a matsayinta. Ta ga ɗanta na dawowa da dare yana dafe ƙugu, ta ciro kuɗi daga bakin zaninta ta sayo abin da aka ce mata yana aiki, kuma a idonta ya yi aiki, tunda ciwon ya lafa, ɗan nata ya murmure. Ita ma da sassaƙe da jiƙo aka raine ta, ta raini nata. In kika ce mata maganin gargajiya guba ne, kin zagi iyayenta da kakanninta, kuma ba ki faɗi daidai ba, don magungunan asibiti da yawa daga tsirrai aka samo su, har da wanda muke sha na zazzaɓin cizon sauro. Abin da ya canza shi ne, a da mai magani ɗan unguwa ne, an san gidansa, an san itacen da ya saro, uwa da kanta take jiƙawa. Na yanzu an dafa shi a wani wuri da ba wanda ya gani, an ɗura a tsohuwar gora, yau ya yi kauri gobe ya tsinke, ba a san me aka ƙara ba. Hajiya da kanta za ta iya gane wannan bambanci in aka faɗa mata da ladabi. Amma ba daga bakinki ya kamata ta ji ba. Suruka ba ta cika karɓar gyara daga matar ɗa, ko da gaskiya ce tsagwaronta. Ki nemi yayar maigida ko kawunsa, ko wata ma'aikaciyar jinya a dangi da Hajiya ke jin maganarta. Mafi kyau ma, in za ta yarda, ku tafi asibitin tare ta ji daga bakin likita. Sannan kada a bar ta hannu rabbana. Uwa tana son ta ga tana yi wa ɗanta wani abu, don haka a roƙe ta ta riƙa dafa masa shayin citta da lemun tsami da zuma, da ruwan zafin gasa baya. In sakamakon ƙoda ya nuna matsala, duk wani jiƙo da kanwa sai an tambayi likita tukuna.

Shi kuma maigida, ki tuna ba don daɗi yake haɗiyar ƙwayoyin nan ba. Ranar da bai fita ba babu cefane, kuma layin asibiti na cinye masa yini guda na lodi. Ki same shi bayan ya ci abinci ya huta, ku biyu, kada ki ambaci Hajiya ko sau ɗaya. Ki shimfiɗa katin ƙwayar murar a gabansa ki nuna masa inda aka rubuta farasitamol da lambar 500, ku yi lissafin tare, shi ya faɗi jimillar da bakinsa. Ki danna yatsa a ƙaurinsa na ɗan lokaci ki ɗaga, in ramin ya zauna ya gani da idonsa. Sannan ki ce, "Baban yara, ni ba na cewa kowa ya yi laifi. Yini ɗaya nake roƙo, a duba jininka. In aka ce lafiya lau, ba zan ƙara tayar da maganar ba." In ya ƙi, ki bi ta wajen amininsa ko wani dattijo a tasha da yake ganin girmansa. In asibitin ne ya yi masa nisa a rai, ku fara da famasi mai rajista inda akwai masanin magunguna, a auna masa jini da sukari nan take, lambar da zai gani sau da yawa ita ke tura mutum gaba. Wannan matakin farko ne kawai, ba ya maye gurbin gwajin ƙoda da hanta.

Ciwon bayan da ya jawo duk wannan ma dole a nema masa mafita, in ba haka ba zai koma wajen mai tire cikin wata guda. Ya gaya wa likita yadda ciwon yake, ko yana sauka ƙafa, ko ƙafar na sagewa. Ya riƙa tsayawa bayan kamar awa biyu na tuƙi ya miƙe ya ɗan taka, ya sa ƙaramin matashi a ƙugu, ya cire walat daga aljihun baya. Basir kuma, in akwai shi da gaske, ruwa da ganye da rage yaji da daina yunƙuri a bayan gida sun fi masa amfani da abin da zai sa shi gudawa, in kuma yana ganin jini to a duba shi.

Nan gaba, duk maganin da zai shigo gidanki ki juya shi ki karanta. Ki nemi sunan abin da ke ciki da yawansa, sunan kamfani da adireshinsa, lambar rukunin da aka yi shi, ranar lalacewa, da lambar NAFDAC. Maganin gargajiya da hukumar ta yi wa rajistar farko, lambarsa kan ƙare da harafin L, kuma ma'anarta an duba shi ta fuskar guba ne, ba shaida ba ce cewa yana warkar da cututtuka goma sha da mai lasifika ke lissafawa. Ƙwaya kuma kada ki karɓe ta a ɓare, a ba ki a katinta.

Yau da dare ki haɗa ledar nan ki rubuta takardar, gorar kuma ki ɗaga ta inda hannun yara da na Hajiya ba zai kai ba. In sakamakon ya fito, ki rubuto min lambobin yadda suke a takarda, mu duba su tare, kuma ki gaya min yadda ɗan ƙaramin ya kwana.